Daga Muryar Ofis Zuwa Muryar Mai Shago: Nazarin Yadda Ake Sassauta Sanarwa a Shafin Instagram na Ƙaramin Shago

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wata matsala da ƙananan 'yan kasuwa ke fama da ita a shafukansu na Instagram, wato rubuta sanarwa da irin harshen da ma'aikatu da bankuna ke amfani da shi. Maƙalar ta ɗauki misali guda, sanarwar ƙarin kuɗin aika kaya daga shagon atamfa a Kano, ta warware ta jimla bayan jimla, sannan ta sake gina ta. Abin da take son tabbatarwa shi ne, sanarwa tana yin taushi ne idan an dawo da mai magana da wanda ake yi wa magana cikinta, aka kuma faɗi abin da ya canza tun a layin farko. Yayyafa kalmomin ƙauna a kan busasshiyar sanarwa ba ya gyara ta.

Gabatarwa



Harshen sanarwa a Hausa yana da tarihi, kuma yana da gidajen da ya girma a cikinsu. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, sannan gidajen rediyo suka biyo baya, kunnen Bahaushe ya saba da wani tsayayyen salo na isar da saƙon hukuma: ana sanar da jama'a, ana kira ga ɗaukacin al'umma, an umarci duk wanda abin ya shafa. Salon ya dace da muhallinsa, domin hukuma ce ke magana da dubban mutanen da ba ta san fuskokinsu ba, kuma ba ta jiran amsa daga gare su.

Instagram, wanda aka ƙaddamar a watan Oktoba na 2010, wani muhalli ne daban. A yau mata da matasa da yawa a Kano da Kaduna da Abuja da Maiduguri suna sayar da atamfa da leshi da abaya da turaren wuta da kayan kicin ta wannan kafa. Mai shafin ita ce ke ɗaukar hoton kayan, ita ce ke amsa saƙo da tsakar dare, ita ce kuma ke tura yaro tasha da ƙunshin kaya. Masu saye sun san muryarta. Amma ranar da za ta faɗi abin da ba a son ji, kamar ƙarin kuɗi ko rufe shago ko daina karɓar kayan da aka dawo da su, sai ta ajiye muryar tata ta ari ta ofis. Dalilin a bayyane yake, kuma abin tausayi ne. Tana jin nauyin mutanenta, sai ta ɓuya a bayan wata hukumar gudanarwa da babu ita.

Misalin da za a yi aiki a kansa

Sanarwar da ke tafe ni na tsara ta domin wannan nazari, bisa ƙirar irin waɗanda ake yawan gani, kuma alkaluman da za su biyo baya na misali ne. Mu ƙaddara shagon atamfa da leshi ne na mace ɗaya da yaranta biyu, tana saro kaya a Kantin Kwari, tana aika wa masu saye a wasu garuruwa ta hannun direbobin tasha. Kuɗin mota ya tashi, kamar yadda kowa ya shaida tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, dole ta ƙara kuɗin aike. Ga abin da ta fara rubutawa:

"SANARWA TA MUSAMMAN. Hukumar gudanarwar wannan shago na sanar da ɗaukacin abokan hulɗarta masu daraja cewa, sakamakon halin da ake ciki na tsadar sufuri, an yanke shawarar sake duba kuɗin aika kaya zuwa wajen jiha. Sabon tsarin zai fara aiki daga ranar 1 ga wata mai kamawa. Haka kuma, ba za a ɗauki alhakin duk wani jinkiri da ka iya aukuwa ba. Ana neman afuwa bisa duk wata damuwa da hakan ka iya haifarwa. Sa hannu: Hukumar gudanarwa."

Babu kuskuren nahawu a wannan rubutu. Da ma'aikatar sufuri ce ta fitar da shi, da ba wanda zai ce uffan. Matsalarsa tana fitowa ne idan aka dube shi a fuskar waya, a tsakanin hoton leshi na jiya da bidiyon buɗe dila na shekaranjiya.

Abin da waya ke yi wa rubutun

Instagram yana ba da damar rubuta haruffa har 2,200 a ƙarƙashin hoto, amma ba ya nuna su duka. Bayan kimanin haruffa 125 sai ya datse rubutun ya sa kalmar more, wadda sai an taɓa ta sauran zai bayyana. Idan aka ƙirga haruffan sanarwar da ke sama, wuƙar tana sauka ne a daidai "sakamakon halin da". Ma'ana, matar da ke jan shafi da babban yatsa a cikin adaidaita sahu ta ga take, ta ga hukuma, ta ga an ce mata mai daraja, amma ba ta ga kalmar kuɗi ba, ba ta ga aike ba, ba ta ga rana ba. Duk filin da aka ba mai shago kyauta ya ƙare a gaisuwar ofis.

Ko wadda ta daure ta buɗe sauran ba za ta tashi da abin da take nema ba. An ce an sake duba kuɗin aike, ba a ce nawa ya koma ba. An ce wajen jiha, ba a ambaci gari ko ɗaya ba. Sakamakon haka mai shago za ta wuni tana amsa tambaya guda a DM, kowa da tasa: Hajiya, Kaduna nawa ya koma? Ni da na biya jiya fa? Sanarwar da aka rubuta don a rage magana ta ninka maganar.

Inda sanyin yake

Idan aka bi rubutun da idon nahawu, za a ga sanyinsa ya taru ne a wurare ƙalilan, kuma mafi girmansu shi ne ɓacewar mai magana. Hausa tana da wakilin suna na wanda ba a ambata ba, wato an, ana, za a, aka. Sanarwar ta jingina a kansa: an yanke shawara, ba za a ɗauki alhaki ba, ana neman afuwa. Wannan siga tana da amfaninta a zance, domin da ita ake sakaya suna don kunya ko ladabi, kamar yadda uwa kan ce an dawo tana nufin ɗanta na fari. Amma a wurin neman afuwa tana yin ɓarna. Mutum ba ya jin an ba shi haƙuri sai ya san wanda ya ba shi. "Ana neman afuwa" magana ce da ba ta da mai ita, "ku yi haƙuri da mu" kuwa akwai baki a bayanta.

Wanda ake yi wa magana shi ma ya ɓace. "Ɗaukacin abokan hulɗarta masu daraja" zance ne a kan masu saye, kamar ba sa wurin. A duk rubutun babu ku, babu muku, babu kun. Mai karatu tana tsaye a gefe tana jin ana ba da labarinta.

Sai kuma aikatau da aka daskarar suka koma sunaye. "Tsadar sufuri" ta haɗiye wani abu da ya faru a zahiri, wato direbobi sun ƙara kuɗi. "Jinkiri da ka iya aukuwa" ya haɗiye motar da ta lalace a hanya ko ta ƙi cika da wuri. Mai saye ta san tasha, ta san direba, ta san mota ba ta tashi sai ta cika. Idan aka ambata mata waɗannan, nan take za ta gane kuma ta yarda, domin abin da take gani ne a rayuwarta. Idan aka ce mata sufuri, sai ta ji kamar ana karanta mata labaran ƙarfe bakwai.

Jimlar ƙarshe kafin sa hannu tana da wani ciwo na daban. Gininta ba na Hausa ba ne, inuwar wata jimla ce da aka saba gani a ƙarshen sanarwar bankuna da kamfanonin waya da Turanci. Bahaushe idan zai ba da haƙuri yakan ambaci abin da ya jawo, ba ya cewa duk wata damuwa da hakan ka iya haifarwa.

Sake ginawa

Matakin farko ba rubutu ba ne. Mai shago ta ajiye wayar ta amsa wa kanta tambayoyin da mai saye za ta yi da tana tsaye a bakin shago: me ya canza, nawa ya koma, daga yaushe, wa ya shafa, me ya rage yadda yake, ni kuma me zan yi. A misalinmu amsoshin su ne, Kaduna ta tashi daga naira 2,500 zuwa 3,000, Abuja daga 3,500 zuwa 4,500, cikin Kano yana nan a 1,500, farashin kaya bai motsa ba, wadda ta riga ta biya ba za a bi ta ciko ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a sanarwar farko sam. Wannan ya nuna cewa sau da yawa harshen ofis yana rufe wani giɓi ne, mai shago ba ta gama yanke shawarar ba tukuna. Sai an cike giɓin ake iya gyara murya.

Mataki na biyu, ta faɗi amsoshin da baki, kamar tana yi wa wata tsohuwar kwastoma bayani, sannan ta rubuta abin da ta faɗa. Wasu sukan ɗauki muryarsu a waya su saurara, kuma dabara ce mai kyau, domin baki ba ya yarda ya ce "an yanke shawarar sake duba". Ga abin da zai iya fitowa bayan an ɗan tsaftace shi:

"Salamu alaikum. Daga Litinin 1 ga wata, kuɗin aike zuwa Kaduna zai koma N3,000, Abuja N4,500. Cikin Kano bai canza ba.

Direbobin da muke ba saƙo a tasha sun ƙara kuɗi sau biyu tun bayan ƙaramar Sallah. Na farkon mun shanye, wannan kam ya fi ƙarfinmu. Farashin atamfa da leshi dai yana nan yadda kuka san shi.

Wadda ta biya kafin Litinin, tsohon kuɗi ne a kanta, ko da kayanta ba su tashi ba. Idan kun haɗa turmi biyu ko uku a aike ɗaya, kuɗin aiken ɗaya ne. Mota takan yi latti wani lokaci, amma da zarar kaya sun tashi za mu turo muku lambar direba.

Ku yi haƙuri da mu. Allah Ya bar zumunci."

Sakin layi na farko bai kai haruffa 125 ba, don haka wadda ba ta taɓa more ba ta riga ta san rana da kuɗi da gari. Sallama ta ci haruffa kaɗan, kuma ina ganin ta cancanci wurinta, domin a al'adarmu ba a faɗo wa mutum da magana babu sallama. Abin da ba ya cancanta shi ne doguwar gaisuwa, ya gida ya yara ya aiki, wadda za ta sake tura labarin ƙarƙashin wuƙa.

Sakin layi na biyu shi ne zuciyar gyaran. Dalili ya fito da mutane a cikinsa, direbobi sun ƙara, mu mun shanye. A nan akwai sharaɗi mai nauyi: kada a rubuta "na farkon mun shanye" sai in da gaske an shanye. Harshen kusanci yana ɗaukar alkawari fiye da harshen ofis. Wadda ta kama hukuma da ƙarya takan ɗaga kafaɗa ta wuce, amma wadda ta kama Hajiyar da take kira Anti da ƙarya ba ta sake dawowa, kuma za ta faɗa wa ƙawayenta.

Sai a lura da ƙananan kalmomin nan guda biyu, kam da dai. Suna cikin rukunin da masana nahawun Hausa, irin su Paul Newman a babban littafinsa na 2000, suka keɓe wa bayani: fa, dai, kam, kuwa, ma, kuma. Ba sa ƙara wa jimla labari, suna nuna matsayin mai magana ne game da abin da yake faɗa. "Wannan kam ya fi ƙarfinmu" tana ɗauke da ajiyar zuciya, tana kuma bambanta wannan ƙarin da na baya. "Farashin atamfa dai yana nan" tana kwantar da hankali, tana cewa ko ba komai wannan bai taɓu ba. Sanarwar ofis takan kore su gaba ɗaya, in ban da kuma, shi ya sa take fita a bushe. Sai dai kamar gishiri suke a miya, biyu ko uku sun isa sanarwa guda. Idan kowace jimla ta ɗauki fa ko dai, rubutun zai koma roƙo ko mita.

Jimlar da ta fi kowace canzawa ita ce ta alhaki. "Ba za a ɗauki alhakin jinkiri ba" ta koma "mota takan yi latti, amma za mu turo muku lambar direba". Gaskiyar da ke ciki ba ta canza ba, mai shago ba ta da iko da motar haya. Abin da ya canza shi ne, a da ta faɗi abin da ba za ta yi ba, yanzu ta faɗi abin da za ta yi.

Ku, ki, mu, ni

Zaɓen wakilin suna yana buƙatar tsayawa. Ku ta fi aminci a sanarwa, domin tana ɗaukar jam'i tana kuma ɗaukar girmamawa, ta dace da budurwa ta dace da dattijuwa. Ki tana da daɗi a DM tsakanin mutum biyu da suka saba, amma a fili tana iya yi wa uwar wani tsaye a wuya, tana kuma fitar da mazan da ke yi wa iyalinsu sayayyar Sallah ko lefe. A rubutun da ke sama an ce "wadda ta biya" saboda yawancin masu sayen atamfa mata ne. Shagon da ke sayar da shadda da huluna zai ce "wanda ya biya", wanda kuma ke da kowa da kowa zai ce "duk wanda ya biya".

Tsakanin mu da ni kuwa, gaskiyar shagon ce za ta raba gardama. Idan masu bibiyar shafin sun saba ganin fuskar mai shago ko jin muryarta tana nuna kaya, ni ba za ta yi baƙunta ba, musamman a labarin da ya shafe ta ita kaɗai, kamar rufe shago don haihuwa ko tafiya Umara. A batun kuɗi mu ta fi dacewa, saboda tana da kunya irin ta Hausa, tana kuma rufa wa yaran shago baya idan su ne suka amsa saƙo. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a fara da mu, a koma ni, a ƙare da hukumar gudanarwa.

Inda ɗumin ke wuce gona da iri

Akwai kuskure na ɗaya gefen, kuma yanzu ya fara yawa. Mai shago ta ji an ce ta saki jiki, sai ta rubuta: "Masoyana na amana, ina ƙaunarku sosai, ɗan canji kaɗan ne muka yi a harkar aike, kar ku damu, ku dai ku yi mana magana", ta jera zukata da furanni a ƙarshe. Wannan ya fi na ofis muni, domin shi ma bai faɗi nawa ba, bai faɗi yaushe ba, ga shi kuma ya ƙara da raina wa mai saye hankali. Naira dubu a kan aiken Abuja ba ɗan canji ba ne ga wadda ta yi adashi kafin ta sayi turmi ɗaya.

Saboda haka akwai sassan sanarwa da ba a sassauta su. Rana, adadi, sunan gari, sharaɗin mayar da kaya da lambar asusu su tsaya a kafe, da alkaluma, yadda za a iya ɗaukar hotonsu a nuna idan gardama ta taso. Batun asusu ya fi kowanne. Damfara ta hanyar shafukan bogi sananniya ce, don haka sanarwar canza asusun banki ta fito da tsayayyen harshe, da sunan da ke kan asusun, babu raha a cikinta ko kaɗan. Haka sanarwar rufe shago saboda rasuwa: Hausa tana da nata kalmomin na wannan hali, kuma alamomin dariya ko na ado ba su da gurbi a wurin.

Mazaunin sanarwar a shafin

Rubutu mai kyau yana iya ɓata idan aka ajiye shi a inda bai dace ba. Story, wanda Instagram ya ƙaro a 2016, yana gushewa bayan awa 24, don haka sanarwar kuɗi ba ta zama a can kaɗai. A sa ta a matsayin hoto a shafin, a maƙala ta a sama, tunda ana iya maƙala har guda uku, sannan a riƙa tunatarwa a Story kafin ranar ta zo. Hoton ma yana magana. Farin allo da jan rubutu da manyan baƙaƙe yana dawo da ofishin da aka kora daga kalmomi. Hoton ƙunshin kaya da aka ɗaure za a kai tasha, da sabbin kuɗaɗen a rubuce a gefensa, ya fi kama da sauran shafin. Lokaci kuma wani ɓangare ne na ladabi: sanarwar da ta fito kwana biyar ko mako guda kafin ƙarin ta ba mai saye damar ta hanzarta ta biya a tsohon kuɗi, wadda ta fito a daren ranar kuwa babu kalmar da za ta tausasa ta.

Yadda za a gane ko gyaran ya yi

Gwaji na farko kafin a wallafa ne. Mai shago ta karanta rubutun da ƙarfi ga ɗaya daga cikin yaranta, ta tambaye shi nawa ne aiken Abuja kuma daga yaushe. Idan ya amsa ba tare da ya nemi a maimaita ba, labarin ya fita. Idan kuma ita kanta ta yi tuntuɓe a wata jimla, ko ta ji ba za ta iya faɗa wa yayarta ita haka ba, to a nan muryar aro ta rage.

Gwaji na biyu yana zuwa ne daga irin saƙonnin da suka biyo baya. Idan har yanzu ana tambayar nawa da yaushe, layin farko bai yi aikinsa ba, kuma Instagram yana barin a gyara rubutun ƙarƙashin hoto bayan an wallafa, sai a koma a gyara. Idan tambayoyin sun koma irin su "Zariya fa?" ko "in na haɗa da na ƙanwata kuɗi ɗaya ne?", an karanta an fahimta, mutane sun wuce zuwa lissafin sayayyarsu. Tambayar Zariya tana nuna garin da aka manta, sai a ƙara shi a sanarwar da kuɗinsa, kada a bar amsar a DM inda mutum ɗaya kaɗai zai gan ta.